Altinen da Na Rubuta Mace

Litinin. Aikin farko: fere alƙaluma uku, dama tawada.

Da sunan Allah nake farawa. Zuwa ga Magaji, daga mahaifinka. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya tsare ka a hanyar birnin Katsina, ya tsare ka daga miyagun daji da miyagun mutane, ya sauke ka a hannun waɗanda za su riƙe ka da gaskiya. Innarka ce za ta miƙa maka wannan takarda. Ka karanta ta yau, kada ka bari sai kun kama hanya, domin akwai abin da ya kamata ka sani tun ƙafarka tana cikin gidan nan. Gida ɗaya muke kwana, amma ka san ba na iya doguwar magana da kai ido da ido. A rubuce na fi iya faɗin gaskiya, ko da yake za ka ga a rubuce ne kuma na yi ɓarnar da ta fi kowace girma a rayuwata.

Abu biyu ka roƙa, kuma ga amsarsu. Jakin da Nomau na Karare ya kawo maka don tafiya, ba za ka tafi da shi ba. Gobe zan mayar masa. Takardar sunayen nan kuwa da ka ce in ba ka don ta taimake ka a zauren alƙalin birni, zan ba ka, amma sai ka ji tarihinta.

Ka san ni ba babban malami ba ne. Na sauke Alƙur'ani, na yi shekaru biyar ina karatun littattafan fiƙihu a Batsari, na tsaya a tsakiya da mahaifina ya rasu. Abin da nake da shi shi ne kyawun rubutu da son tsari. Su suka sa alƙalin ƙasarmu ya ɗauke ni magatakarda. Tun daga ranar kuma ban taɓa kwana ban rubuta abin da na yi a yinin ba, kana ganin tarin takardun a gafaka. Na ɗauka mai irin wannan tsari ba ya kuskure.

Kuskurena na farko abin dariya ne. Shekarar da aka haife ka, wani madugu ya aiko da takarda gaba da ayarinsa, yana neman masauki wa mutanensa, ya jera sunayensu. Mai gari ya ba ni in raba su gidaje. A ciki na ga Aisami. Na ce a raina wannan ai A'isha ce, bakin mutanen Barno ya lanƙwasa ta. Na je na roƙi Gwaggo Delu, tsohuwar da ke bayan masallaci, ta share ɗaki a cikin gida don baƙuwa. Da la'asar ayari ya iso. Na tsaya a ƙofar gari ina kiran suna, da na ce Aisami sai wani ƙato mai gemu har ƙirji ya sauko daga kan takarkari ya ce, “Ga ni.”

Gwaggo Delu tana tsaye da ƙwaryar fura a hannu. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dube ni, ta ce, “Malam, wannan ce baƙuwar tawa? To ka nemo mata zane mai faɗi, nawa ba zai kai ba.”

Mutumin bai ji haushi ba. Ya bayyana mini cewa a wajensu akan kira namiji da sunan uwarsa: ɗan Aisa ya zama Aisami, ɗan Fanna ya zama Fannami. Sunan mace ne a gaba, amma mai ɗauke da shi namiji ne. Aka yi dariya, aka sauya masa masauki.

Abin da ya kamata in koya a ranar shi ne in riƙa tambaya. Maimakon haka sai na koma gida na ɗauko takarda mai kyau, na raba ta biyu, na rubuta sunayen maza a dama, na mata a hagu. Duk sunan da na ji, in saka shi a gefensa. Na ɗauka ciwon shi ne ban san sunaye da yawa ba, in na tara su zan warke. Wannan ita ce takardar da kake nema. Shawarata a nan: in ka yi kuskure aka yi maka dariya, kada ka yi saurin gina wa kanka abin da zai hana a sake yi maka dariya. Ka zauna ka duba ko hanyar ce tun farko ba daidai ba.

Dubi yadda na cika ta. Mutanen da na sani su ne na Batsari da Karare da Zakka da 'yan ƙauyukan da ke tsakani. In na san Gambo uku duka maza, sai Gambo ya tafi dama. Alhali Gambo ba ya faɗin komai sai cewa an haifi mutum bayan tagwaye. Auta yana faɗin cewa shi ne na ƙarshe. Cindo yana faɗin yatsa shida. Ajuji yana faɗin cewa uwar ta binne 'ya'ya kafin wannan, ta kai jaririn kan juji don mutuwa ta raina shi ta wuce. Kyauta yana faɗin an daɗe ana jira. Duk waɗannan labarin haihuwa suke bayarwa, ko ranar, ko halin da gidan yake ciki. Ba a raɗa su don su gaya wa magatakarda namiji ko mace ba. Na kuma yi wa kaina wata doka ta ƙarshen suna, wai sunan Larabci in ya ƙare kamar Amina ko Halima na mace ne. Na manta da Hamza da Ɗalha da Huzaifa da Usama, na manta Zainabu da Umaru ƙarshensu ɗaya. Daga baya wani malami da ya fi ni karatu ya gaya mini cewa a cikin mutanen farko akwai maza masu suna Asma'u da Hindu. Na ji kamar an zare mini tabarma.

Altine na saka shi a hagu tun ranar farko, ban ko tsaya tunani ba. Ƙanwar mahaifina Altine ce. Mai sayar da daddawa a kasuwarmu Altine ce. A wurina maganar ta ƙare.

Yanzu ga babban kuskuren. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Akwai wani mutum a Karare, Jibo, manomi mai shanu. Ya tafi fatauci yamma, ciwo ya kama shi a hanya, ya rasu. Kafin ya cika ya sa wani malami matafiyi ya rubuta masa wasiyya, abokan tafiyarsa suka kawo. Gajera ce. Ta ce ya bar gonarsa ta bakin fadama da shanu goma sha shida, ya bar matarsa Hajo, ya bar Altine wurin dangin uwa a ruga. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Malamin ya wuce, babu wanda ya san inda ya nufa.

Labarin shi ne, Jibo yana saurayi ya zauna yamma wajen iyakar Zamfara, ya auri wata Bafulatana, suka haihu, auren ya mutu, ta koma cikin danginta da goyo. Shi kuma ya dawo Karare. Ka san ɗan fari. Jibo bai taɓa kama sunan a bakinsa ba, bai taɓa ba da labarin ba, in an taɓo zancen sai ya tashi. Hajo da ya aura daga baya ba ta haihu da shi ba, ta ce ita dai ta san akwai haihuwa a can, bai taɓa gaya mata fiye da haka ba, ita kuma ta ji nauyin tambaya.

Ka karanta babin gado, ka san abin da ke rataye a kan wannan. Hajo tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, ko ta wane hali, shanu biyu. In Altine mace ce, tana da rabi, shanu takwas, sauran shida su tafi ga ɗan'uwan mamaci shaƙiƙi, gona ma a bi ta haka. In Altine namiji ne, duk abin da ya rage bayan sumuni nasa ne, ɗan'uwa ba ya samun ko igiyar ɗaure maraƙi. Ɗan'uwan nan kuwa shi ne Nomau.

Ranar rabo alƙali ba ya jin daɗin jikinsa. Ya ce in tsara magada in kawo masa ya duba. Na zauna a zaure da Nomau da Hajo tana bayan asabari da dattawa biyu na Karare. Na karanta wasiyyar da ƙarfi. Da na zo kan sunan, ban tambayi kowa ba. Na ce, “Altine. To, 'ya mace ke nan.”

Na ɗaga kai na dubi Nomau, na ce, “Ko ba haka ba?”

Ya sunkuyar da kai, ya ce, “Malam ya fi mu sani.”

Na rubuta: 'yarsa Altine. Dattawan nan biyu, waɗanda ba su taɓa ganin yaron ba, suka ji magatakarda ya faɗa, ɗan'uwan mamaci bai musa ba, suka shaida. Alƙali ya ga takarda mai tsabta da shaidu biyu, ya zartar. Nomau ya ɗauki shanunsa shida da rabonsa na gona, aka kuma damƙa masa takwas ɗin da sauran gonar amana, har 'yar wansa ta zo ko ta aiko wakili.

Shekara goma sha ɗaya ina juya kalmomin nan biyar. Malam ya fi mu sani. Bai yi ƙarya ba. In aka sa shi ya rantse yau zai rantse bai taɓa cewa mace ce ba, kuma ba zai yi kaffara ba. Amma Nomau ya ziyarci wansa a yamma a shekarun nan, kowa ya san haka. Ko ya je kafin haihuwar ne ko bayanta, ban sani ba. Wani yini in ce ya sani sarai, ya ga na buɗe masa ƙofa ya shige. Wani yini in ce ni ne nake neman wanda zan raba laifi da shi. Ban gama yanke hukunci a kansa ba, kuma ba nawa ba ne in yanke. Abin da na tabbatar shi ne, ni na fara faɗa.

Shawarata: kada ka taɓa faɗin amsa sannan ka tambaya ko haka ne. Wanda amsar ta yi wa daɗi zai yi shiru, wanda yake jin nauyinka ma zai yi shiru, kai kuma ka ɗauki shirun biyu a matsayin shaida. Ka tambaya da baki wofi: namiji ne ko mace? Wa ya gani? Yaushe? In mutum ya ce maka ka fi shi sani a kan abin da ya shafi gidansu, ka ajiye alƙalami. Kuma ka tuna shari'a ba ta gaggawa a nan. In mamaci ya bar mace da ciki, ana dakatar da rabo har ta haihu, ba a cewa cikin ya yi tsini ko ya yi faɗi. Malaman da suka yi magana a kan wanda halittarsa ta rikitar, sun jera abubuwan da ake dubawa, ban taɓa jin sun sa suna a ciki ba. Tafiyar kwana huɗu ce zuwa inda rugar take. Da na ce a aika, da an aika.

Bayan shekara uku, wata ranar kasuwa, wani saurayi ya yi sallama a zauren alƙali. Dogo ne siriri, da sanda a kafaɗa, tare da wani tsoho da ya ce kawunsa ne. Ya durƙusa ya ce, “Allah gafarta Malam, ni ne Altine ɗan Jibo. Sai bana labarin rasuwar ya same mu. Uwata ma ta rasu.”

Ko ba a faɗa ba, goshin Jibo ne da tsayinsa.

Aka kira Nomau. Ya zo da mutanensa, zaure ya cika. Alƙali ya ce in ɗauko takardar in karanta. Na karanta da bakina, 'yarsa Altine. Wani daga baya ya ce, “Kai, amarya ta yi gemu!” Zaure ya fashe da dariya. Wani ya ce a ba ta lalle. Saurayin bai juya ba, amma na ga yadda ya damƙe sandar.

Nomau ya ce, cikin ladabi, “Allah gafarta Malam, ni 'yar wana nake jira. Shanunta suna nan, har sun haihu. In na ba wannan, gobe ita ta zo, me zan ce mata?”

Tsohon ya ce, da Hausarsa mai nauyi, “Wace ita? Ɗaya aka haifa. Ran Altine aka haife shi, muka ce Altine. A rugarmu maza uku ke da sunan nan.”

Alƙali ya juyo gare ni. Ya ce, “Malam, wa ya gaya maka mace ce?”

Magaji, a nan ne. Da na ce babu kowa, ni na zata, da maganar ta ƙare kafin azahar. Na dubi zauren da ke dariya, na ga dariyar za ta juyo kaina, na ga aikina, na ga kai kana ƙarami. Na ce, “Allah gafarta Malam, haka aka shaida.”

Wannan ma ba ƙarya ba ce, irin ta Nomau ce.

Alƙali ya yi abin da ya kamata da abin da ke gabansa. Ya ce akwai hukunci da shaidu biyu, mai son rushe shi ya kawo adilai biyu da suka san haihuwarsa, kawu shi kaɗai bai isa ba. Danginsa kuwa sun riga sun tashi da shanu sun yi kudu, hanyar yamma kuma ba ta da lafiya a shekarun nan saboda mahara. Saurayin ya tashi. A ƙofa ya tsaya kusa da ni, ya ce a hankali, “Malam, kai ka taɓa ganina?” Na ce a'a. Ya ce, “To yaya aka yi ka san ni?”

Ka lura da abin da takardata ta yi masa. Da na rubuta shi mace, ba rage masa rabo kaɗai na yi ba. Ko takwas ɗin bai samu ba, domin na wata ce wadda ba a taɓa haifa ba. Na ƙirƙiro mutum da tawada, na ba ta gadon, shi kuma mai rai ya zama maƙaryaci mai neman dukiyar marainiya. Ni na yi zato cikin ƙiftawar ido ba tare da shaida ko ɗaya ba, shi aka ce ya kawo biyu don ya tabbatar shi ne shi. Har yau yaran Karare in suka gan shi a kasuwa sukan kira shi 'yar Jibo.

Da na dawo gida na ba innarka labari, ina ta kewaye-kewaye, ina cewa sunan ne mai ruɗi. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Altine? Malam, mai kawo wa babanmu bijimi a Zakka ai Altine sunansa, Bafulatani, da 'ya'yansa bakwai. Har wata Altine 'yar gwaggonmu yakan yi wa tsiya wai ta sace masa suna.”

Na ce, “Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?”

Ta ce, “Ka taɓa tambayata? Kai da takardarka kuke shawara.”

Na ɗauko takardar sunayen na bi ta ɗaya bayan ɗaya tare da ita. Kafin magariba ta nuna mini goma sha uku da ta san mai irin sunan a ɗaya gefen. Ta tuna mini shekarar da aka yi gyaran ganuwa, na rubuta Gambo na gidan Ɗanlami cikin mazan da ba su fito aiki ba, har aka je kama shi aka tarar da mace mai jego. An gaya mini a lokacin, na gyara a takardar aiki, ban gyara a kaina ba. Na lura da wani abu kuma. Takardar ba ta cika kuskure a kan mutanen unguwarmu ba, don daga su na haɗa ta. Kuskurenta yana faɗawa ne kan Fulanin ruga, da Maguzawan ƙauye masu sunayen gargajiya, da fataken Barno, da Buzaye, da Yarabawan da ke zuwa da goro, waɗanda aka ce mini sunayensu da yawa maza da mata duk suna ɗauka. Wato tana faɗawa kan baƙo, wanda ba shi da kowa a zaure da zai ce a'a, ba haka ba ne. A birni kuwa irin waɗannan su ne rabin mutanen da za su zo gabanka.

Shawarata: wanda ba ya nan, kai ne kaɗai kariyarsa. In ba ka sani ba, rubuta ba a sani ba, ka bar wurin fili. Fili a takarda yana kunyata magatakarda na yini ɗaya, kuma ana iya cike shi. Sannan ba kowace magana ce take bukatar wannan sani ba. In mutum ya kawo ƙarar an ci masa iyakar gona, ba ruwanka da tonon sunansa ko yi masa dariya, wani sunan kabarin 'yan'uwansa ne a bayansa. Inda hukunci ya rataya a kai, kamar gado da shaida da wankan gawa, ka tambayi mai sunan in yana nan, ko wanda ya san shi da ido. Ko sunan yanka ka ji, ka ɗauke shi alama ce mai sa a bincika. Kada ka gina hukunci a kansa.

Kuskure na uku shi ne mafi tsawo, shekara takwas. Kakar da ta biyo bayan zaman nan, Nomau ya aiko mini da damin gero biyu. Ban yi masa wani aiki ba. Na karɓa. Kowace kaka sai ya aiko. In mun haɗu a kasuwa sai ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, “Malam, ai mu da kai ɗaya ne.” Nakan dawo in rubuta a takardar yini: me yake nufi? Wataƙila mutumin kirki ne mai son malamai. Amma akwai malamai huɗu a Karare, ban ji yana aika musu ba.

Sai bana, da ka isa neman aiki. Ban roƙe shi ba. Shi ya zo har gida ya ce surukinsa yana da faɗa a gidan alƙalin birni, zai yi maka magana. Ya yi, aka karɓe ka. Shekaranjiya kuma ga jaki da sabon akumari. Da yake miƙa mini igiyar ya ce, “Yaro zai zauna kusa da manya. In wata tsohuwar magana ta taso daga ƙauye, ai muna da namu a can.”

Na tsaya da igiyar a hannu. Wace tsohuwar magana? Jiya na bincika. Altine yana kiwon shanun wasu a Tsaskiya, ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu, yana kwana a bukka a gefen gonar wani. An ce danginsa sun dawo da shanu kusa, cikinsu akwai dattawa biyu da suka ci naman sunansa. An ce yana shirin kai kuka birni bayan kaka. An kuma ce Nomau yana neman mai sayen garken gaba ɗaya kafin lokacin.

Ni ya saya da gero, ban ma san ranar da aka yi cinikin ba. Kai yake so ya saya da jaki tun ba ka fere alƙalaminka na farko ba. Ko kuwa duk zargina ne, mutumin alheri kawai yake yi. Ko da hakan ne, ba za ka hau jakin ba.

Yau da safe na buɗe gafaka na nemo takardar yinin rabon. Ina fatan in tarar na rubuta cewa wani ya gaya mini. Ga abin da ke ciki, da hannuna: Gadon Jibo. Altine, mace, bisa takardar sunaye. Babu sunan Nomau, babu na kowa.

Ga abin da na yanke. Gobe zan kai wa alƙali wannan takarda, in ba shi amsar tambayar da ya yi mini shekara takwas da suka wuce. In roƙe shi ya hana sayar da shanun har a ji dattawan nan. Ina tsammanin zai karɓe alƙalamin daga hannuna, kuma yana da gaskiya. Abin da ya fi damuna kai ne. Labari zai riga ka isa birni, ko ya biyo ka da kwana biyu. Surukin Nomau da ya buɗe maka ƙofa zai iya rufe ta. Za a ce ɗan magatakardan nan ne da ya mayar da namiji mace. Wataƙila ka yi tafiyar nan a ƙasa ka dawo a ƙasa. Ban nemi shawararka ba kafin in yanke, kuma na san wannan ma hukunci ne a kan wanda ba a tambaya ba. Shi ya sa nake so ka karanta yau. In kana da magana, ina zaure har la'asar. In ka zaɓi ka fasa tafiyar, ba zan ga laifinka ba. In ka zaɓi ka tafi, ka fara gaya wa alƙalin birni da bakinka ko kai ɗan wane ne, kafin wani ya gaya masa.

Takardar sunayen tana naɗe cikin wannan. Ban goge komai ba, ban gyara ba. A bayanta na rubuta shaidata a kan gadon Jibo, irin wadda zan bayar gobe, ko da wani abu zai same ni ko a nemi a danne maganar a nan. In Altine ya iso birni, ka miƙa ta ga alƙalin can. Gaban takardar kuwa, ka riƙa dubawa duk ranar da ka ji ka fara sanin mutane tun ba ka gan su ba.

Innarka ta soya maka gyaɗa, ta ɗinke bakin jakarka. Ka bi ayari, kada ka yanke ta daji don sauri. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka gaishe da malaminka da ladabi, ka kuma lura da wanda ya cika yi maka kyauta ba dalili. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare hannunka daga abin da ya kama nawa, ya sa ka fi ni. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ka yafe mini abin da wannan zai jawo maka.

Mahaifinka.

Na gobe, Talata, in Allah ya kai mu:

Mayar da jaki Karare da sassafe, da akumarinsa. Kada in zauna, kada in sha ruwa.

Auna geron Nomau da ya rage, a kai tare.

Ɗaurin ƙofar rumbu, tun makon jiya.

Zauren alƙali kafin azahar, da takardar yinin rabo.

Gaya wa Hajo, ta ji daga bakina.

Tsaskiya, in rana ta rage. In ba ta rage ba, Laraba.

Tambayar Altine sunansa na yanka. Ban taɓa tambaya ba.